Hoton Takarda da Lissafin Ruwa a Damagaram

Ɗaliban lise a Zinder sun rage kwafar sakamakon bincikensu da hannu. Wanda ya zaga gidaje yakan ɗauki hoton takardar da salula, ya tura wa 'yan rukuninsa ta WhatsApp. Dalilin a fili yake: takarda ɗaya ce, su kuwa wani a Birni yake, wani a Zango, wani a Kara-Kara, ga kuɗin kabu-kabu. Aiki ya yi sauri. Amma mai lissafi ya rabu da mai tambaya, kuma nan ne nake ganin ɓarnar.

Ruwa ne misalin da ya fi kusa, tunda garin a kan dutse yake zaune, daga nesa ake jawo masa ruwa, kamar Gogo-Macaya da Arunguza. Mu ɗauka an tambayi gidaje tara yawan bidon lita 20 da suke saye a rana da bazara, hoton ya nuna 4, 5, 5, 6, 6, 7, 8, 9, 31. Jimla 81 ce, a raba ta tara, matsakaici ya zama 9. Lambar tsakiya, wato ta biyar bayan an jera su daga ƙarama zuwa babba, 6 ce. Tazarar babba da ƙarama kuwa 27.

Ɗalibin da ya rubuta cewa gida yakan sayi bido tara bai yi kuskuren rabawa ba, amma ya ɓata labarin, domin gidaje bakwai cikin tara ba su kai haka ba. Idan matsakaici ya tsere wa lambar tsakiya haka, tazara kuma ta kumbura, a koma kan lambar da ta fita daban. Wataƙila 31 gaskiya ce: babban gida ne mai iyalai da yawa, ko na mai sayar da kunu. Wataƙila kuma 3 ce, hoton da aka ɗauka a karkace ya manna mata 1 daga layin gefe. In haka ne, matsakaici ya sauko wajen 5,9, tazara ta koma 6, lambar tsakiya ba ta motsa ba. Hoto ba zai raba gardamar nan ba, sai takardar asali da bakin wanda ya shiga gidan.

Farashi ya fi wannan tarko. Ɗan ga-ruwa da dala yake magana, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In ya ce dala goma, wani ɗalibi zai rubuta 10, wani 50, su haɗu a layi ɗaya. Dole a rubuta ma'auni a saman kowane layi kafin a ɗauki hoto.

A rahoto, a ba da lambobin uku tare, a faɗi abin da aka gano game da gidan 31, a kuma bayyana cewa gidaje tara na unguwa ɗaya aka tambaya, ba Damagaram duka ba.