Ƙarfe 6:30 ɗin Gidan Wa?

Takardar ta kwana biyu a ƙasan jakar 'yata, tsakanin littafin lissafi da ledar biskit. Sai daren Lahadi uwarta ta zazzage jakar tana neman safa, ta ci karo da ita. Layi biyu ne kacal: ana sanar da iyaye cewa daga mako mai zuwa motar makaranta za ta riƙa ɗaukar yara da ƙarfe 6:30 na safe, kuma duk yaron da bai shirya ba za a wuce shi. Ba kwanan wata, ba lambar waya, sai hatimin makaranta a ƙasa.

Mun saba jin hon ɗin motar da ƙarfe 7:20, don haka muka ɗauka an ja mana lokaci baya da minti 50. Ranar Litinin, ana sallame asuba aka tashi yarinyar, aka yi mata wanka da ruwan zafi, ta sha koko ido a rufe. Watan Janairu ne, kuma a Kano rana ba ta fitowa a wannan watan sai wajen bakwai saura minti goma. Muka tsaya a ƙofar gida cikin duhu da hazo, tana rawar ɗari duk da rigar sanyin da ke kan yunifom ɗinta. Motar ba ta iso ba sai bakwai da minti tara.

Na ce wa direban, "Haba Malam, ina 6:30 ɗin da aka rubuta mana?"

Ya yi dariya ya ce, "Ai Alhaji wannan na gidan farko ne. Ku yanzu ku ne na goma sha ɗaya."

Daga baya ya zaunar da ni ya yi mini lissafin, kuma lissafi ne da ya kamata duk mai yaro a motar makaranta ya sani. Daga ƙarshe ake faro shi, wato daga lokacin asambili. A makarantar tasu ana kaɗa ƙararrawa da 7:45. A zangon da ya wuce motar tana tsayawa a gida 12. Tuƙin kansa minti 38 ne, a kowace ƙofa kuma ana ɓata kamar minti ɗaya kafin yaro ya hau ya zauna a rufe ƙofa, ya zama minti 50 ke nan. Idan ya ɗauki yaron farko da 6:50, yana shiga get ɗin makaranta da 7:40, da rarar minti biyar.

Sai aka shiga sabon zango, aka ƙaro yara uku daga gida biyu da ke can gaba da inda yake farawa. Ƙarin tuƙi minti bakwai, ƙarin tsayawa minti biyu, tafiyar ta koma minti 59. A takarda, da ya ci gaba da farawa 6:50 zai isa 7:49, lattin minti huɗu kawai. A kan titi kuwa ba haka abin yake ba. Duk wanda ke bin manyan titunan Kano da safe ya san bambancin titin bakwai da na bakwai da rabi, lokacin da 'yan a-daidaita-sahu, ma'aikata da iyaye masu kai yara da kansu suke fitowa gaba ɗaya. Mahaɗar da ka wuce a danja ɗaya, in ka makara da minti goma sai ka jira danja uku. Ya ce sati guda ya yi yana sauke yara ƙarfe takwas, ana tare su a get tare da makararru alhali ba laifinsu ba ne. Shi ya sa aka ja lokacin da minti 20, ba tara ba: tara na sababbin gidaje, sauran na tsere wa cunkoso.

To mu tsofaffin gidaje fa? Da yake sababbin ne aka sa a gaba, su suka cinye minti tara daga cikin ashirin ɗin. Abin da ya shafe mu minti 11 ne kawai, daga 7:20 zuwa 7:09. Wannan shi ne abin da takardar ya kamata ta faɗa mini, ba ta faɗa ba. Mota ɗaya ba ta iya tsayawa a ƙofa 14 a minti guda, saboda haka duk sanarwar da ta zo da lokaci ɗaya tak, gida ɗaya ta yi wa gaskiya. Makarantar da ta san aikinta takan jera unguwanni ko wuraren tsayawa, kowanne da lokacinsa. In ba ta yi ba, tambayar da za ka yi wa direba ko antin da ke raka yara ita ce: gidana na nawa ne a layi, kuma da minti nawa lokacina ya matsa?

Shi ma "mako mai zuwa" tarko ne. Malamin da ya rubuta ranar Juma'a Litinin yake nufi, amma uwar da ta tsinci takardar ranar Talata za ta ɗauka saura kwana shida. A gidan da yara ke zuwa Islamiyya kuma, inda da yawa ake hutun Alhamis da Juma'a, mako yana farawa ne ranar Asabar. Rana da kwanan wata kaɗai ke kashe wannan gardama.

Maganar wuce yaron da bai shirya ba, da farko ta ɓata mini rai, na ga kamar rashin tausayi ne ga mutanen da ke biyan kuɗin mota kowane zango. Lissafin ne ya sauko da ni. Idan a kowace ƙofa aka jira minti uku maimakon ɗaya, ana neman takalmi ko ana cika fulas, ƙarin minti biyu sau 14 ya zama 28. Motar da za ta isa 7:29 sai ta isa 7:57, kuma wanda ya fi shan wahala shi ne yaron da ya fito a kan lokaci, yana zaune a kujera yana kallon ƙofar wasu. Sai dai adalci shi ne a rubuta iyakar jiran, minti ɗaya ne ko biyu, a kuma hana direba wucewa idan shi ne ya riga lokaci zuwa. Hanya mafi sauƙi ta gane inda matsala take ita ce ka rubuta lokacin da motar ta iso kwana uku a jere. In tana zuwa cikin tazarar minti biyar, jadawalin ya zauna. In yau 7:05 gobe 7:25, akwai gidan da ke riƙe ta a gabanku, ko kuma an ɗora wa mota ɗaya zagayen da ya fi ƙarfinta.

Akwai kuma abin da takardar ta yi shiru a kansa gaba ɗaya, wato dawowa. Yaran gidan farko suna shiga mota 6:30, su yi kusan awa guda a ciki. In da rana direba ya biyo hanyar a juye, ya fara sauke na kusa da makaranta, su ne kuma na ƙarshen sauka, awa biyu ke nan kullum a cikin bas ga ɗan shekara biyar. Na tayar da maganar a taron iyaye da malamai, aka ce za a duba ko za a riƙa fara sauke waɗanda aka fara ɗauka, ko da sau biyu a mako ne. Direban dai ya ce shi ba ya ƙi, amma sai an ƙara masa kuɗin mai, domin zai wuce ta ƙofarmu da yara cike ya je can ƙarshe sannan ya dawo.