Buƙata A Gaba, Bayani A Baya: Yadda Ake Gyara Imel Mai Kwana-Kwana

Wanda kake aika wa imel a ofis yawanci a waya zai fara ganinsa, yana tsaye a bakin ƙofa ko yana tsakiyar taro. Abu uku ne ke bayyana a allon wayar kafin ya buɗe saƙon: sunanka, abin da ka rubuta a layin Subject, sai ɗan guntun farkon maganarka. Da waɗannan ukun yake yanke shawarar ya karanta yanzu ko ya bari sai an jima. Shi kuwa “sai an jima” a akwatin da saƙonni ke ta shigowa, sau da yawa yakan zama sai jibi.

Mu ɗauki misali. A ce jami'ar jarrabawa ce a wata makarantar sakandare ta rubuta wa shugaban makarantar saƙo ranar Talata, ta sa masa take “Barka da aiki”. Ta fara da gaisuwa da tambayar iyali. Ta tuna masa cewa tun zangon da ya wuce injin buga takardu yake cinye takarda. Ta ba da labarin yadda ta kira mai gyara bai ɗauka ba, washegari ya zo ya duba, ya ce wani ƙarfe ne ya ci. Ta ratsa ta ambaci cewa malamai biyu ba su kawo tambayoyinsu ba. Ta faɗi farashin buga takardu a waje. Can a sakin layi na biyar ne ta ce, “to ban sani ba ko za a iya duba batun kuɗin gyaran, tunda jarrabawa ta matso.”

Babu ƙarya ko rashin ladabi a cikin saƙon nan. Matsalarsa ita ce an jera shi yadda abubuwa suka faru da ita, ba yadda mai karatu yake buƙatarsu ba. Ita labari take bayarwa daga farko zuwa ƙarshe, shi kuma tambaya ɗaya ce a ransa: me ake so in yi, kuma zuwa yaushe?

Gyaran yana farawa ne da nemo jimlar da aka binne. Karanta abin da ka rubuta, ka tambayi kanka: in da layi ɗaya tak za a bar ni in aika, wanne ne? Kusan kullum za ka same shi a ƙasa, domin mutum yakan gano abin da yake son faɗi ne bayan ya gama zagaye. Idan ka samo shi, duba ko ya ƙunshi abu uku: aikin da ake nema, wanda zai yi shi, da lokacin da ya kamata a gama. Jimlar malamar ba ta cika ko ɗaya ba. “A duba batun kuɗi” ba aiki ba ne da mutum zai ce ya yi ko bai yi ba, ba ta faɗi adadin kuɗin a wurin ba, “ta matso” kuma ba rana ba ce. Idan ka nemi irin wannan jimla ka rasa, to alama ce cewa kai ma ba ka tsai da abin da kake so ba, kuma lokacin aika saƙon bai yi ba tukuna.

Ga yadda saƙon zai kasance bayan gyara. A layin Subject: “Neman amincewa: N95,000 gyaran inji, zuwa Laraba”. A ciki kuma:

“Assalamu alaikum, ranka ya daɗe, da fatan an tashi lafiya. Ina neman amincewarka a fitar da N95,000 don gyara injin buga takardu, kafin ƙarfe 12 na rana gobe Laraba, domin a samu buga takardun jarrabawar da za a fara ranar Litinin.

Mai gyara zai sayo kayan a yammacin Laraba, ya yi aiki Alhamis da Juma'a, mu buga takardun ranar Asabar. Idan aka wuce Laraba, sai dai mu buga a waje: shafi 4,000 a kan N40, wato N160,000. Na maƙala takardar farashin mai gyaran. Na gode.”

A lura da yadda bayanan suka jeru. Dalilin wa'adin ne ya zo farko, domin shi ne tambayar da shugaban zai fara yi. Sai abin da zai faru idan ba a amince ba, da lissafinsa a fili. Sai hujja. Labarin kiran waya da ba a ɗauka ba ya fita gaba ɗaya, saboda bai canza komai a shawarar da za a yanke ba. Batun malamai biyun nan kuwa magana ce mai zaman kanta, sai a ba ta nata saƙon da nata taken. In aka cusa buƙatu biyu a imel ɗaya, galibi ɗaya ake amsawa a manta da ɗayar.

Taken ne ya kamata a rubuta a ƙarshe, bayan an san gundarin maganar. A sa kalmomi masu nauyi a farkonsa, domin waya tana yanke dogon take, wutsiyarsa ba ta bayyana. “Gaggawa!” ba take ba ne, haka ma “Tunatarwa” ko “Game da maganar nan”, ba su faɗi komai ba, kuma bayan wata uku ba wanda zai iya lalubo saƙon da su. Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne a danna Reply a kan tsohon saƙo don kawo sabuwar magana, sai buƙatar yau ta tafi ƙarƙashin “Re:” na batun da aka rufe tuni. Sabuwar magana, sabon saƙo.

Wannan tsari ba sabo ba ne. Sojojin Amurka suna kiransa BLUF, kuma ƙa'idar rubuta wasiƙu ta rundunar sojan ƙasa ta can, AR 25-50, ta umurci a sa babbar magana a farko. A 2016 Kabir Sehgal, wanda ya yi aiki da rundunar sojan ruwan Amurka, ya yi rubutu a mujallar Harvard Business Review yana nuna yadda sojoji ke fara take da kalma guda mai bayyana abin da ake so: aiki, sa hannu, yanke shawara, ko sanarwa kawai. Abin da “Neman amincewa” ya yi ke nan a misalinmu. 'Yan jarida ma sun daɗe da haka: jigon labari a sama, ƙarin bayani a ƙasa.

Akwai damuwar da na san tana ran mai karatu, kuma damuwa ce ta gaskiya. Mun taso da wasiƙar da ke buɗewa da gaisuwa mai yawa kafin a zo ga dalilin rubutu, kuma faɗa wa babba buƙata kai tsaye yana kama da rashin kunya. A ganina ba gaisuwar ce ke ɓata saƙo ba, tsawonta ne. Layi ɗaya na sallama da girmamawa ya wadatar, buƙatar ta biyo nan take cikin lafazi mai taushi. Tunda gaisuwar za ta cinye ɗan guntun da ke bayyana a allo, sai taken ya ɗauki nauyin maganar. Rage wa babba wahalar lalube shi ma girmamawa ne.

Tsarin yana da iyaka. Ta'aziyya, ban haƙuri, ko sanar da mutum cewa ya rasa aikinsa ba a yin su da salon “amsa kafin ƙarfe 12”; wasunsu ma baki da baki suka fi dacewa. Haka idan ka san mai karatun zai ƙi shawararka da jin ta, ba laifi ka sa jimla ɗaya ta dalili a gabanta, amma ɗaya, ba sakin layi uku ba.

Kafin ka danna Send, rufe komai da hannu, ka bar take da jimloli biyun farko. Idan wanda bai san batun ba zai iya faɗin abin da ake nema da ranar da ake son sa daga nan kawai, aika. Idan ba zai iya ba, koma ƙasan saƙon ka ɗauko jimlar ka kawo ta sama.