Bashin Haraji: Yadda Ake Rubuta Takardar Neman Biya Kashi-Kashi

Takardar neman biyan bashin haraji ba ta zuwa a lokacin da aljihu ya shirya mata. Da yawa daga cikin 'yan kasuwa sukan ajiye ta a aljihun tebur, suna jiran ranar da kuɗin za su haɗu a dunƙule, alhali kuɗin ruwa na ta hawa, kuma ƙarshen lamarin na iya kai wa ga garƙame shago. Akwai hanya mafi sauƙi: a rubuta wa hukumar takarda, a nemi biya kashi-kashi. Sai dai amincewa ganin dama ce ta hukuma, kuma abin da jami'i zai fi dubawa shi ne jadawalin biyan, wato ko lissafin ya tsaya da ƙafarsa.

Da farko a san wa za a rubuta wa. A Najeriya, mai shago ko mai sana'ar da ke kasuwanci da sunansa yana biyan harajin kuɗin shiga ne ga hukumar haraji ta jihar da yake zaune, kamar KIRS a Kano. Kamfani mai rajista kuwa na hukumar tarayya ne, wadda aka sani da FIRS, ta koma NRS daga Janairun 2026 bisa dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025.

Abu na biyu, kada a nemi rangwamen lokaci kafin a yarda da adadin. Doka ta ba mutum kwana 30 daga ranar da takardar ƙiyasi ta iso hannunsa ya rubuta ƙorafi idan bai gamsu ba. In wa'adin ya wuce bai ce uffan ba, adadin ya tabbata a kansa. Haka kuma duk wanda ya rubuta cewa zai biya kashi-kashi, to ya amsa bashin ke nan da hannunsa. Don haka a fara zuwa ofis da tsofaffin rasidai, a nemi a rarrabe kuɗin gida uku: uwar harajin, tara, da kuɗin ruwa. Sau da yawa a nan ake gano biyan da aka yi amma bai shiga lissafi ba.

Mu ɗauki misalin wani mai sayar da yadi a Kantin Kwari. Bayan tantancewa, uwar harajin da ake bin sa ta tsaya a naira 1,200,000. An ɗora masa tarar kashi 10 cikin ɗari, naira 120,000, kuma kuɗin ruwan da ya taru ya kai naira 180,000. Jimilla naira 1,500,000.

Kafin ya ɗauki biro, sai ya duba littafinsa. Bayan ya cire kuɗin haya, albashin yaran shago da cefanen gida, abin da ke rage masa a wata kimanin naira 300,000 ne. Daga ciki dole ya ware naira 50,000 don harajin bana, domin wanda ke biyan tsohon bashi yana tara sabo bai fita daga rami ba. Saura naira 250,000. Wannan shi ne iyakar abin da zai iya alkawari.

Yana da naira 300,000 a hannu, sai ya bayar kafin alƙalami. Saura naira 1,200,000, ya raba wata shida, naira 200,000 kowane wata. Amma kuɗin ruwa ba ya tsayawa don an amince da jadawali. Ƙimarsa tana bin ƙimar ruwan da Babban Bankin Najeriya ya tsayar, don haka a tambayi ofis adadin da ake aiki da shi. A misalinmu mu ƙaddara kashi 2 cikin ɗari ne a wata, kan abin da ya rage. Ga yadda jadawalin zai kasance:

28 ga Fabrairu: 200,000 da ruwa 24,000, jimilla 224,000, saura 1,000,000
28 ga Maris: 200,000 da ruwa 20,000, jimilla 220,000, saura 800,000
28 ga Afrilu: 200,000 da ruwa 16,000, jimilla 216,000, saura 600,000
28 ga Mayu: 200,000 da ruwa 12,000, jimilla 212,000, saura 400,000
28 ga Yuni: 200,000 da ruwa 8,000, jimilla 208,000, saura 200,000
28 ga Yuli: 200,000 da ruwa 4,000, jimilla 204,000, bashi ya ƙare

Sabon ruwan gaba ɗaya naira 84,000 ne, kuma kashi mafi nauyi, naira 224,000, bai wuce ƙarfinsa ba. Da ya zaɓi wata goma sha biyu, naira 100,000 a wata, da ruwan ya kai naira 156,000. Sauƙin da zai samu a wata zai ci masa ƙarin naira 72,000.

Akwai wata tambaya da mutane kan manta: ina za a zuba kafin alƙalamin? Jadawalin da ke sama ya ɗauka cewa naira 300,000 ɗin ta share tara da tsohon ruwa, uwar kuɗi na nan daram. Idan kuwa hukuma ta yarda a fara cirewa daga uwar kuɗi, kuma ruwan a kanta kaɗai yake hawa, za a fara lissafi daga naira 900,000, sabon ruwan ya sauko zuwa naira 50,000. Layi ɗaya a takarda ya rage naira 34,000. Ba lalle a amince ba, amma wanda bai roƙa ba, ba a ba shi.

Takardar kanta gajeruwa ce. A sama a sa kwanan wata, suna, adireshin shago, lambar TIN da lambar takardar da hukuma ta aiko. Ko da a ƙarshe za a mayar da ita Turanci, kamar yadda aka saba a ofisoshi, ga abin da za ta ƙunsa:

"Ranka ya daɗe, na karɓi takardarku ta neman biyan naira 1,500,000, kuma na amince da wannan adadi. Ban iya biya a kan kari ba saboda kayan da na bayar bashi ba a biya ni ba, kamar yadda bayanan asusuna na banki na wata shida za su nuna. Na biya naira 300,000 a yau, ga rasit a haɗe. Ina roƙon a ba ni damar biyan ragowar cikin wata shida bisa jadawalin da ke ƙasa, a fara cire abin da na biya daga uwar harajin. Ina kuma roƙon a duba yiwuwar yafe mini tara, a dakatar da duk wani matakin tilastawa muddin ina biya a kan lokaci. Zan ci gaba da biyan harajin bana a kan ƙa'ida."

A kai kofi biyu, a buga hatimin karɓa a kan ɗaya, a riƙe shi. Alkawarin baki daga jami'i, komai girmansa, ba ya zama hujja gobe. A nemi amincewa a rubuce. Kowane biya a yi shi ta banki ko ta hanyar da hukuma ta tanada, da sunan mai bashin da lambarsa, kada a damƙa wa kowa tsabar kuɗi.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne yin alkawarin da ya fi ƙarfi don a burge jami'i. Saɓa kashi ɗaya na iya rushe yarjejeniyar, a nemi ragowar baki ɗaya. Mai yadi ya san kasuwarsa tana buɗewa gab da salla, tana lafawa bayanta, don haka yana iya neman a nauyaya kashin watan ciniki, a sassauta na watan da kasuwa ta kwanta. Wanda kuma bashinsa na harajin da ya cire daga albashin ma'aikata ne bai miƙa ba, kada ya sa ran sassauci mai yawa, domin kuɗin amana ne a hannunsa.

Idan ka hango cewa kashin wani wata zai gagara, rubuta wa ofis tun kafin ranar ta zo, ka biya abin da ya samu, ka faɗi ranar cikon. Idan kuma ka gama, nemi takardar da ke tabbatar da cewa bashin ya ƙare, ka adana ta tare da rasidanka.