Karta da Zurfin Ciki: Yadda Ake Gina Labarin Tsofaffin Aminai Biyu

Akwai wani nau'in gajeren labari da ba ya buƙatar komai sai mutum biyu, tabarma ɗaya da kwalin karta. Tsofaffin aminai ne da suka saba haɗuwa kullum da yamma su buga hannu biyu ko uku, amma ɗayansu yana ɗauke da damuwar da bai faɗa ba. Ba a tafiya ko'ina, ba a faɗa, ba a ɗaga murya. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne tazarar da ke tsakanin abin da baki ke furtawa da abin da hannu ke aikatawa a kan tabarma, kuma a wannan tazara ne gwanintar marubuci take bayyana ko ta gaza.

Marubutan duniya sun daɗe da gane amfanin teburin karta. A 1899 marubucin Rasha Leonid Andreyev ya fitar da labarin wasu mutum huɗu da suka shekara da shekaru suna buga karta sau uku a mako. Ɗayansu, Maslennikov, burinsa a duniya shi ne ya sami hannun da zai cinye wasa kaf. Daren da hannun ya zo masa, yana miƙa hannu zai ɗauki sauran katunan sai zuciyarsa ta buga, ya faɗi matacce. A nan ne abokan wasan suka farga cewa ba su ma san gidan da ya koma ba, kuma bai daɗe ba da suka ji cewa yana da babban ɗa da hukuma ta kama. Andreyev ya yi amfani da karta ne ya nuna mutanen da suke zama tare ba su san juna ba. Labarin aminai biyu kuwa akasin haka yake nufa: sun san juna ƙwarai, har ya zama ɓoye abu a tsakaninsu aiki ne mai wuya.

Wannan siga ta dace da rayuwar Bahaushe sosai. Dattijo ba ya saurin kai kuka, domin rufin asiri da kunya sun hana shi, kuma ko yana cikin wane hali, amsar gaisuwarsa ita ce lafiya lau. Amininsa ma kara ba za ta bar shi ya tsare shi da tambaya ba. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma dattawa sun fi kowa riƙo da wannan magana. Saboda haka shirun da ke cikin labarin ba dabarar marubuci ba ce kawai, haka mutanen suke. Sai dai akwai abin lura guda: a ƙasar Hausa mutane da yawa suna haɗa karta da caca. Marubucin da ya zaunar da dattawa biyu a gabanta dole ya nuna tun farko cewa ba kuɗi a tsakani, wataƙila kuma ya nuna cewa a cikin zaure suke bugawa ba a bakin titi ba, ko kuwa tun suna samari a tasha suka saba.

Matakin farko na ginin labarin shi ne kafa al'ada. Mai karatu ba zai gane cewa wani abu ya sauya ba sai ya san yadda abin yake a da. Don haka shafin farko yakan tafi ne wajen nuna ƙananan abubuwan da ba sa canzawa: wa ke fara zuwa, wa ke shimfiɗa tabarma, wa ke raba kati, wa ke yawan ci, wace tsokana suke maimaitawa kullum, kuma kiran wace salla ke tashin su. Abubuwa uku ko huɗu sun isa, amma kowannensu a zaɓe shi da niyyar karya shi daga baya.

Mataki na biyu shi ne sanin wasan kansa, kuma a nan ne marubuta da yawa suke tuntuɓe. Kartar da aka fi bugawa a Najeriya ita ce wot, wadda aka ƙirƙira a Ingila a shekarun 1930. Tana da kati 54 da alamu biyar: da'ira, mai kusurwa uku, mai kusurwa huɗu, gicciye da tauraro, sai katunan wot masu lamba 20 waɗanda ke ba mai su damar neman alamar da yake so. Ana ajiye kati ne a kan wanda ya yi daidai da shi a alama ko a lamba, wanda ya rasa kuma ya tafi kasuwa, wato ya ɗauko daga tarin da ke kife. A yadda aka fi bugawa, 2 tana sa abokin wasa ya ɗauki biyu, 5 ya ɗauki uku, 14 kuma ta tura kowa kasuwa, ko da yake kowace majalisa tana da ɗan bambancinta. Babu lamba 6 ko 9 a cikin kwalin gaba ɗaya. Marubucin da ya sa jaruminsa ya ajiye tara ya tona wa kansa asiri a gaban duk wanda ya taɓa riƙe katin, kuma daga nan mai karatu ba zai ƙara yarda da shi ba.

Mataki na uku, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne zaɓen damuwar. Bashi, ciwo, ɗa da ya lalace, gida da za a sayar, duk suna iya zama. Amma wadda ta fi kyau ita ce damuwar da wasan kansa zai iya tonawa ba tare da marubuci ya sa baki ba.

A ɗauki misalin tsohon tela da amininsa tsohon direba. Tela shi ne gwani, shi ke ci kusan kullum, shi ke tsokana. Yanar ido ta fara rufe masa gani, zura zare a allura ya soma gagararsa, kuma tsoronsa shi ne ranar da masu kawo ɗinki za su sani. Bai gaya wa kowa ba. A katin wot alamar babba ce a tsakiya, lambar kuwa ƙarama ce a kusurwa, saboda haka lamba ce za ta fara ɓace masa. A yammacin farko na labarin, 3 mai kusurwa huɗu tana ƙasa, sai ya ɗora mata da'ira mai lamba 8, yana zaton 3 ce. Direba ya yi dariya ya ce, "Kai Malam, yau kuma cuta za ka yi mini da tsufanka?" Tela ya taya shi dariya ya janye katinsa. Mai karatu ma zai ɗauke shi a matsayin raha.

A yammaci na biyu kuskuren ya ƙaru, kuma ba ya ba da dariya. An tashi wasa direba ya ci, yana tattara katuna sai ya ga 14 a cikin waɗanda suka rage a hannun tela. Da ya ajiye ta a daidai lokacinta da ya tura shi kasuwa ya juya wasan, kuma mutumin da ya shekara arba'in yana cinsa ba zai manta da wannan ba. Ya ɗauke ta 11 ne. Direba bai ce komai ba, ya haɗa katunan ya mayar cikin kwali. Wannan shirun shi ne tsakiyar labarin, domin daga nan masu ɓoyo sun zama biyu: ɗaya yana ɓoye ciwonsa, ɗaya yana ɓoye cewa ya gane. Labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan hannu aka tambaya.

Yammaci na uku na direba ne. Ya zo da wuri tun rana ba ta yi sanyi ba, ya ja tabarma zuwa bakin ƙofa inda haske ya fi, ya ce zafi ne ya dame shi a ciki. Ya kuma ɗauki sabuwar ɗabi'a ta kiran kowane kati da ya ajiye da ƙarfi, alama da lamba, kamar mai alfahari. Tela ya san dalili, direba ya san ya sani. Babu wanda ya ambaci ido har yanzu, amma mai karatu ya riga ya ga ciwon da kuma girman amincin. Ernest Hemingway ya bayyana irin wannan rubutu a 1932, inda ya kwatanta shi da dutsen ƙanƙara a teku wanda kashi ɗaya cikin takwas kaɗai ke saman ruwa. Sharaɗinsa shi ne marubuci ya san abin da ya bari a ƙasa. Wanda zai rubuta labarin telan nan ya kamata ya san cewa yanar ido tana zuwa a hankali, ba ta da zafi, kuma ana cire ta da ɗan gajeren aiki a asibiti, saɓanin hawan jinin ido wanda ganin da ya ci ba ya dawowa. Wanda ya zaɓa a cikin biyun shi zai yanke ko labarin na tsoro ne da ke da magani ko na rashi ne da za a yi haƙuri da shi.

Daga misalin ana iya ganin dalilin da ya sa ya fi kyau a ba da labarin ta idon aminin da ba shi ne mai damuwar ba. Idan aka shiga zuciyar tela tun layin farko, an gama faɗin komai, sauran shafukan jira ne kawai. Idan kuwa aka tsaya a bayan direba, mai karatu yana ganowa tare da shi, wani lokaci ma ya riga shi da taki ɗaya, kuma wannan ɗan rigen yana da daɗi ga mai karatu.

Kurakuran da ke kashe irin wannan labari sanannu ne. Mafi yawa shi ne marubuci ya kasa haƙuri ya rubuta cewa jarumin yana cikin matsananciyar damuwa, ko ya sa shi yana ta ajiyar zuciya da zuba tagumi a kowane sakin layi. Mutumin da ke ɓoye abu da gaske yakan fi kowa fara'a. Wani kuskuren shi ne ɓoyewar ta yi yawa har babu alama ko ɗaya, sai a ƙarshe a jefo asirin daga sama. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: a koma a karanta labarin bayan an san ƙarshensa. Idan kowace alama ta fito fili a karatu na biyu alhali ba ta yi ihu a na farko ba, ginin ya yi. Akwai kuma cika labarin da bayanin wasa hannu bayan hannu, har ya koma rahoton gasa. Duk katin da aka ambata ya zama yana ɗauke da wani abu game da mutanen.

Tsawo ma yana da ruwa a ciki. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, ta saba neman labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500, kuma wannan ma'auni ya dace da sigar. Yammaci uku sun isa: na kafa al'ada tare da ɗan kuskure, na ganewa, da na amsawa. Na huɗu yakan zama maimaici.

Rufewa tana da hanyoyi, kuma ba dole ne tela ya buɗe baki ya yi ikirari ba. Doguwar magana da kuka a ƙarshe takan rushe mutuncin da aka gina wa dattawan tun farko. Abin da ya fi kama da su shi ne a bi ta gefe: direba ya ce shi ne zai je asibiti a duba masa ido ranar Litinin, yana neman ɗan rakiya, tela kuma ya ce ai ba shi da ɗinki da yawa ranar. Da wannan an amsa tambayar da labarin ya ɗauko, wato ko aminin zai gane da kuma abin da zai yi, ba tare da an tilasta wa ɗayansu faɗin abin da ba zai faɗa ba. Sakamakon asibitin ba ya cikin wannan tambaya, don haka marubuci yana iya barinsa a waje.