Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Ɗaukar Aiki

Wanda ya daɗe yana neman aiki, ranar da takarda ta iso hannunsa, albashi kawai idonsa ke nema. Amma a sakin layin da ke ƙasa da albashin ne rigima ke kwanciya.

Mu ɗauki matashin da wani kamfani a Kano ya ɗauka akawu, kan naira 200,000 a wata, da gwajin wata shida. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta yanke tsawon gwaji ba, don haka abin da takarda ta faɗa shi ne abin riƙo. Ya duba ko an ba kamfani damar tsawaita gwajin, da kuma iyakar tsawaitawar. Wata shida na cika, ya nemi takardar tabbatarwa a rubuce. "Ai ka zama namu" da manaja zai faɗa a baki ba ta shiga fayil, kuma wasu kamfanonin ba sa fara biyan wasu alawus sai da wannan takarda.

Sai batun notis, wato sanarwar da ɓangare ɗaya zai ba ɗayan kafin a rabu. Mafi ƙarancin da sashe na 11 na dokar ya sa shi ne kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, daga nan kuma wata guda. Dokar ta fi shafar leburori da akawuna, su kuwa manajoji da ƙwararru takardarsu ce madogara. Idan takardar matashin nan ta ce wata guda, ya samu wani aikin ya tafi ba sallama, za a bi shi albashin wata a madadin notis. Ya tambaya tun yanzu: gundarin albashi ake nufi ko jimilla? Ya kuma tabbatar wa'adin da aka ɗora masa shi aka ɗora wa kamfani.

Naira 200,000 ɗin ma ba ita za ta shiga asusunsa ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da aƙalla kashi 8 cikin ɗari, mai aiki kashi 10. Idan an yi lissafi kan gundarin albashi da kuɗin gida da na mota, suka kama naira 150,000, za a cire masa 12,000, kamfani ya ƙara 15,000 daga aljihunsa, ga kuma haraji. Ya riƙa duba asusun fanshonsa, domin akwai masu cirewa ba su zuba ba.

Duk alkawarin da aka yi masa a wurin intabiyu, na asibiti ko na kuɗin hutu, in bai gan shi a takarda ba, ya roƙi a rubuta kafin ya ɗauki biro.