Wasiƙar Neman Ciniki: Yadda Ake Tuntuɓar Mai Saye Ba Tare da Naci Ba

Ɗan kasuwa da ya aike da farashin kaya ya ji shiru, yakan sake tuntuɓar mai sayen, kuma a nan ne ciniki kan lalace.

Ga misalin dillalin shinkafa a Kasuwar Mile 12 ta Legas, wanda ya rubuta wa mai gidan abinci cewa: "Hajiya, ki yi haƙuri da damuwa, har yanzu ban ji daga gare ki ba. Don Allah ki taimaka." Wannan roƙo ne, kuma yana sanar da ita cewa kayan sun yi kwantai, don haka za ta nemi ragi. Shi kuwa "yau kaɗai, gobe babu" barazana ce da takan kori mai saye.

Abin da ya fi dacewa shi ne: "Hajiya, barka da aiki. Buhu 20 ɗin da muka yi magana suna nan a farashin da na faɗa har ranar Juma'a. In aiko da su ranar Laraba, ko Alhamis ta fi miki?"

An cire ban haƙuri, an ambaci adadi da wa'adi, an kuma bar mata zaɓi. Sai dai wajibi ne wa'adin ya zama gaskiya, domin idan Asabar ta zo farashi bai motsa ba, ba za ta sake yarda da maganarsa ba.