Abin da ke sa injin jan ruwa ya riƙa mutuwa bayan 'yan mintoci

Injin ya tashi lafiya, ruwa ya fara hawa tanki, bayan minti biyar ko goma sai ya yi shiru. In an bar shi ya huce ya sake tashi, ya kuma sake mutuwa. Masu gidaje da yawa kan ɗora laifin a kan na'urar kariya daga zafi, wadda masu gyara ke kira obalod, har wasu su sa a cire ta. Wannan kuskure ne mai tsada, domin aikinta ke nan ta yanke wuta kafin koyil ya ƙone. Idan aka cire ta, abin da zai biyo baya shi ne naɗin sabon koyil ko sayen wani inji.

Tsawon lokacin da injin ke ɗauka kafin ya mutu shi ne alamar farko. Da waya ce ta haɗu da waya, nan take wuta za ta yanke. Mutuwa bayan mintoci na nuna cewa zafi ne ke taruwa sannu a hankali, galibi saboda injin yana jan wuta fiye da adadin da aka rubuta a farantin da ke jikinsa.

Daga wutar ya kamata a fara bincike. Injin da aka ƙera don bolt 220 yakan jure raguwar kusan kashi 10 cikin 100, wato zuwa bolt 198. Ƙasa da haka, tilas ya ƙara jan amfiya domin ya ɗaga ruwan da ya saba ɗagawa.

A ɗauki misalin inji mai ƙarfin doki ɗaya, wanda farantinsa ya nuna amfiya 5.5, an girke shi mita 100 daga gida da waya mai kaurin milimita 1.5. Da yamma, lokacin da unguwa ta yi wa tiransifoma nauyi, aka auna bolt 205 a gidan. Amma da aka auna a bakin injin yana cikin aiki, sai aka samu 188, domin siririyar wayar ta cinye kusan bolt 17 a hanya. Mitar da ake matse waya da ita ta nuna amfiya 7. Bambancin kamar kaɗan ne, sai dai zafin koyil ba ya tafiya daidai da ƙarin amfiya, ninkuwa yake yi: wannan ƙari ya kai zafin sama da kashi 60 cikin 100 a kan yadda ya kamata. Idan aka sauya wayar da mai milimita 4, asarar za ta sauko zuwa bolt 6 ko ƙasa da haka, injin ya samu kusan 199. Ya tsira, amma da ƙyar, don haka jan ruwa da asuba ya fi masa sauƙi.

Dole ne awon ya kasance injin na aiki, saboda waya ba ta nuna rauninta sai an ɗora mata kaya. Haka kuma a duba mahaɗar waya da ta saki ko ta yi tsatsa, da janaretan da ya yi wa injin kaɗan. A manyan injina masu layi uku, faɗuwar layi ɗaya kan sa sauran biyun su ɗauki nauyin duka.

Idan bolt ya cika amma amfiya na sama, sai a koma kan kafasita. Wadda ta raunana kan sa injin ya yi gurnani wajen tashi, ya yi zafi da wuri. Tana da araha, amma a sa mai lamba daidai da ta asali, kuma ma'aikacin lantarki ne ya kamata ya taɓa ta, domin takan riƙe wuta ko bayan an kashe inji.

Daga nan sai ƙarfen kansa. A cire wuta gaba ɗaya, a juya fankar bayan injin da hannu. Idan tana tafiya sumul, ba a nan matsalar take ba. Idan tana cijewa ko tana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, to boris ya ci, ko kuma yashi ya maƙale a farfelar da ke tura ruwa. Boris ɗin da ya fara lalacewa yakan yaudari mai gyara, domin da sanyi yana juyawa lafiya, sai ya ɗumama yake ƙara tauri. Shi ya sa ake barin mitar a kan waya har injin ya mutu, a ga ko amfiya na hawa a hankali.

Akwai kuma lokacin da amfiya ke daidai ko ma ƙasa, amma injin na mutuwa. A nan sanyaya ce ta gaza: ƙurar hunturu ta toshe murfin fanka, ko an kulle injin cikin akwatin da iska ba ta shiga. Shi kuwa sumo na rijiyar burtsatse ruwa ne ke sanyaya shi. Idan ruwan ƙasa ya ja baya a watannin Maris da Afrilu, famfo zai fara tsartuwa da iska, amfiya ta faɗi, sannan injin ya mutu. Maganin wannan shi ne a rage yawan ruwan da ake ja a lokaci guda, ko a ƙara saukar da sumon idan zurfin rijiyar ya ba da dama.